Yadda Ake Gano Daidaitaccen Hali na Sarƙar Makof ta Hanyar Aigenbekta

Sarƙar Makof tsari ne na lissafi da ake amfani da shi wajen bayyana abin da yake sauyawa daga wani hali zuwa wani, mataki bayan mataki, bisa sharaɗin cewa yiwuwar halin da za a shiga gobe ta dogara ne kawai a kan halin da ake ciki yau, ba a kan hanyar da aka bi kafin a iso ba. Sunan ya samo asali ne daga masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, Andrey Markov, wanda ya fara wallafa bincikensa a kan irin waɗannan sarƙoƙi a shekarar 1906. Tambayar da wannan jagora za ta amsa guda ɗaya ce: idan aka bar sarƙar ta yi ta tafiya na dogon lokaci, wane kaso na lokaci za ta riƙa yi a kowane hali? Amsar tana cikin wata bekta da ake kira daidaitaccen hali, kuma za mu ga cewa wannan bekta ba komai ba ce illa aigenbekta ta matiriks ɗin sauyi wadda ƙimar aigen ɗinta take daidai da 1.

Misalin da za mu bi

A ɗauka akwai wata na'ura da ake dubawa sau ɗaya kowace rana, kuma a kowane dubawa ana samunta a ɗaya daga cikin halaye uku: tana aiki lafiya, wanda za mu kira A, tana aiki amma da rauni, wato B, ko kuma ta tsaya, wato C. Lambobin da ke tafe na misali ne, na zaɓe su domin lissafin ya fito sarai. Idan na'urar tana A yau, yiwuwar ta wayi gari a A ita ce 0.7, ta koma B 0.2, ta tsaya 0.1. Idan tana B, yiwuwar ta farfaɗo zuwa A ita ce 0.1, ta ci gaba a B 0.7, ta tsaya 0.2. Idan kuma ta tsaya, yiwuwar a gyara ta sosai ta dawo A ita ce 0.5, a yi mata gyaran wucin gadi ta koma B 0.2, ta kwana a tsaye 0.3.

Mataki na farko shi ne a jera waɗannan lambobi tara a matiriks, kuma a nan ne ake yanke shawarar da take rikita ɗalibai fiye da kowace. A wannan jagora kowane layin tsaye yana wakiltar halin da aka baro, kowane layin kwance kuma halin da aka shiga.

```
        daga A  daga B  daga C
zuwa A   0.7     0.1     0.5
zuwa B   0.2     0.7     0.2
zuwa C   0.1     0.2     0.3
```

Wannan shi ne matiriks ɗin sauyi, za mu kira shi P. Kafin a yi wani abu da shi, wajibi ne a tara lambobin kowane layin tsaye a tabbatar sun ba da 1, domin na'urar da take wani hali yau dole ta kasance a wani wuri gobe. Layin farko ya ba da 0.7 + 0.2 + 0.1 = 1, haka ma sauran biyun. Layukan kwance kuwa ba a buƙatar su ba da 1, kuma a nan ba su bayar ba: na farko ya tashi 1.3, na ƙarshe 0.6.

Abin da yake faruwa idan aka yi ta ninkawa

Halin da ake ciki a kowace rana ana rubuta shi a matsayin bekta mai lambobi uku waɗanda jimillarsu 1 ce. Idan mun tabbata na'urar ta fara a A, bektar farko ita ce x0 = (1, 0, 0). Domin samun ta gobe sai a ninka P da ta yau, wato x(n+1) = P x(n). Ga abin da kwanaki huɗu na farko suka bayar:

```
x0 = (1,      0,     0     )
x1 = (0.7,    0.2,   0.1   )
x2 = (0.56,   0.3,   0.14  )
x3 = (0.492,  0.35,  0.158 )
x4 = (0.4584, 0.375, 0.1666)
```

Domin a ga yadda ake samun lamba ɗaya a kusa, a dubi 0.56 da ke x2. Hanyoyi uku ne suke kai na'urar zuwa A a rana ta biyu: ta kasance a A ta zauna, wato 0.7 × 0.7 = 0.49, ta kasance a B ta farfaɗo, 0.1 × 0.2 = 0.02, ko ta kasance a C a gyara ta, 0.5 × 0.1 = 0.05. Jimillar ukun ita ce 0.56.

Yanzu a sake gwadawa da na'urar da ta fara a tsaye, wato x0 = (0, 0, 1). Rana ta farko ana samun (0.5, 0.2, 0.3), ta biyu (0.52, 0.3, 0.18), ta uku (0.484, 0.35, 0.166). A rana ta uku kawai, na'urar da ta fara lafiya ƙalau da wadda ta fara a mace sun kusa zama abu ɗaya: 0.492 da 0.484 a A, 0.158 da 0.166 a C. Sarƙar tana mantawa da inda ta faro, kuma duka jerin biyu suna dosar wuri ɗaya. Ana iya ci gaba da ninkawa har lambobin su daina motsi, amma wannan kusantar amsa kawai yake yi, ba ya ba da ita cif. Hanyar aigenbekta ita ce take kai mu wurin kai tsaye.

Dalilin da ya sa amsar aigenbekta ce

Idan bektar ta isa wurin da ninkawa da P ba ya ƙara sauya ta, to ta cika sharaɗin P q = q. Ma'anar aigenbekta kuwa ita ce bekta v, wadda ba sifili ba, da matiriks ba ya karkatar da ita, sai dai ya ninka ta da wata lamba λ, wato P v = λ v, kuma wannan λ ita ce ƙimar aigen. Idan aka ajiye sharuɗɗan biyu gefe da gefe, sai a ga cewa q aigenbekta ce da λ = 1.

Mai karatu zai iya tambaya ko yaya aka san cewa 1 tana cikin ƙimomin aigen na P, tun da ba kowane matiriks ne yake da ita ba. Hujjar gajera ce, kuma ta cancanci a riƙe ta. Kowane layin tsaye na P jimillarsa 1 ce. Idan aka cire I, wato matiriks mai 1 a kan layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa da sifili a sauran wurare, kowane layin tsaye na P − I zai rasa 1 ɗaya, jimillarsa ta koma sifili. Wannan yana nufin idan aka tara dukkan layukan kwance na P − I za a sami layin sifili zalla, saboda haka layukan sun dogara da juna, ditaminan ɗin P − I sifili ne, kuma tsarin (P − I) q = 0 yana da amsa wadda ba sifili ba. Don haka babu buƙatar a ɓata lokaci wajen neman ƙimomin aigen kafin a fara. An riga an san wadda ake nema.

Warware (P − I) q = 0

A cire 1 daga 0.7, 0.7 da 0.3 da ke kan layin kusurwa, sannan a ninka komai da 10 domin a rabu da ɗigo, abin da ba ya sauya amsar tun da ɓangaren dama sifili ne. Idan q = (a, b, c), ana samun ikweshan uku:

```
-3a +  b + 5c = 0
 2a - 3b + 2c = 0
  a + 2b - 7c = 0
```

Ikweshan na uku ya fi sauƙin kamawa saboda a ɗinsa ba shi da mai ninki. A ninka shi da 2 a cire daga na biyu, sai a sami −7b + 16c = 0. A ninka shi da 3 a haɗa da na farko, sai a sami 7b − 16c = 0. Waɗannan biyun magana ɗaya ce aka faɗa sau biyu, kuma a nan ne wasu suke tsorata su ɗauka sun yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Shi ne ainihin abin da hujjar da ta gabata ta yi alkawari, cewa ɗaya daga cikin ikweshan ukun maimaici ne. Abin tsoro shi ne akasin haka. Wanda ya warware tsarin ya ga cewa a = b = c = 0 ce kaɗai amsa, to ko dai ya yi kuskuren lissafi, ko kuma wani layin tsaye na P ɗinsa bai ba da 1 ba tun farko.

Daga 7b = 16c, zaɓin da ya fi sauƙi shi ne c = 7, wanda ya ba da b = 16. Sai a koma ikweshan na uku: a = 7c − 2b = 49 − 32 = 17. Aigenbekta ta fito: (17, 16, 7).

Amma aikin bai ƙare ba, domin (34, 32, 14) ma aigenbekta ce, haka (−17, −16, −7), da duk wani ninki na ta farko. Abin da ikweshan suka ƙayyade shi ne rabon da ke tsakanin lambobin kawai. Sharaɗin da ya rage shi ne na yiwuwa, cewa a + b + c = 1. Jimillar 17, 16 da 7 ita ce 40, saboda haka sai a raba kowace da 40:

```
q = (17/40, 16/40, 7/40) = (0.425, 0.4, 0.175)
```

Ina ba da shawarar kada a taɓa barin amsa ba tare da an mayar da ita cikin P ba, domin binciken bai fi minti ɗaya ba. Layi na farko: 0.7 × 0.425 + 0.1 × 0.4 + 0.5 × 0.175 = 0.2975 + 0.04 + 0.0875 = 0.425. Layi na biyu ya ba da 0.085 + 0.28 + 0.035 = 0.4, na uku kuma 0.0425 + 0.08 + 0.0525 = 0.175. Bektar ta shiga ta fito yadda take.

Yadda ake karanta amsar

Kalmar daidaitaccen hali tana iya sa mutum ya zaci na'urar ta daina sauyawa, alhali kuwa tana nan tana yawo tsakanin halayen uku kowace rana. Abin da ya tsaya shi ne rabon. A ɗauka akwai irin wannan na'ura guda 400 da suka daɗe suna aiki: a matsakaici 170 za su kasance a A, 160 a B, 70 a C. Daga cikin 70 da suke tsaye, kashi 0.7 suna barin C kafin gobe, wato 49. Masu shigowa C kuwa su ne 0.1 na 170, wato 17, da 0.2 na 160, wato 32, jimilla 49. Masu fita da masu shiga sun yi kunnen doki, shi ya sa adadin bai motsa ba ko da yake na'urorin da ke ciki ba su ne na jiya ba.

Ga na'ura guda ɗaya kuma, 0.175 yana nufin a tsawon lokaci za a same ta a tsaye kwana 7 cikin kowane 40. Idan aka kifar da lambar, 1/0.175, ana samun kusan 5.7, wanda shi ne matsakaicin adadin kwanakin da ake ɗauka daga ranar da aka ga na'urar a C zuwa rana ta gaba da za a sake ganinta a C.

Kuskuren layin tsaye da na kwance

Littattafai da yawa, musamman na fannin yiwuwa, suna jera matiriks ɗin a juye: halin da aka baro a layin kwance, wanda aka shiga a layin tsaye, ta yadda layukan kwance ne suke ba da 1. Wannan tsari daidai ne, sai dai a cikinsa ana rubuta bektar a kwance a ninka ta daga hagu, wato π T = π, inda T yake juyayyen P. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya ɗauki T irin wannan ya warware T x = x kamar yadda muka yi a sama. Tun da kowane layin kwance na T jimillarsa 1 ce, bektar (1, 1, 1) kullum tana cika wannan sharaɗi, sai amsa ta fito (1/3, 1/3, 1/3) ko da wane irin lambobi ne a cikin matiriks ɗin. Wannan ita ce alamar da ake gane kuskuren da ita. Duk wanda ya ga daidaitaccen halinsa ya rabu daidai wa daida tsakanin halaye, to ya koma ya duba tsarin da ya bi. Irin wannan amsa tana zama gaskiya ne kawai idan layukan tsaye da na kwance duka suna ba da 1. Maganin shi ne a juya T tukuna, sannan a warware.

Sauran ƙimomin aigen da saurin kaiwa ga daidaito

Samun q abu ne ɗaya, sanin ko sarƙar za ta kai gare ta, da kuma cikin mataki nawa, wani abu ne daban, kuma sauran ƙimomin aigen ne suke ɗauke da wannan labari. A misalinmu ana iya samunsu ba tare da dogon lissafi ba. Jimillar ƙimomin aigen daidai take da jimillar lambobin layin kusurwa, 0.7 + 0.7 + 0.3 = 1.7, ninkinsu kuma daidai yake da ditaminan, wanda a nan 0.1 ne. Idan aka fitar da 1 da muka sani, sauran biyun jimillarsu 0.7 ce, ninkinsu 0.1, wato 0.5 da 0.2. Aigenbektar 0.5 ita ce (4, −3, −1), ta 0.2 kuma (1, 0, −1). A lura cewa lambobin kowace daga cikinsu jimillarsu sifili ce, domin aikinsu shi ne kwashe yiwuwa daga wani hali zuwa wani ba tare da ƙari ko ragi ba.

Bektar farko (1, 0, 0) tana rabuwa gida uku a kan waɗannan aigenbektoci, kuma bayan mataki n kowane gida an ninka shi da ƙimarsa sau n:

```
x(n) = q + (2/15)(0.5)^n (4, -3, -1) + (1/24)(0.2)^n (1, 0, -1)
```

Gidan q yana nan daram saboda 1 ko sau nawa aka ninka ta 1 ce. Gidan 0.2 yana ɓacewa nan da nan, gidan 0.5 kuma yana raguwa da rabi kowace rana. Ana ganin wannan da ido a jerin da muka yi a baya: lambar B ta tafi 0, 0.2, 0.3, 0.35, 0.375, tazararta da 0.4 kuwa ta tafi 0.4, 0.2, 0.1, 0.05, 0.025. Bayan kwana 10 tazarar ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na yadda ta fara. Da a ce ƙima ta biyu 0.99 ce, da sai an yi mataki 688 kafin a kai wannan matsayi. A ganina wannan shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi a aikace, domin mutum yana iya lissafa q daidai, ya gina shawara a kanta, alhali tsarin da yake nazari ba zai kusance ta ba a cikin lokacin da ya dame shi.

Inda hanyar take gazawa

Kowane matiriks ɗin sauyi mai iyakantattun halaye yana da aƙalla daidaitacciyar bekta ɗaya, amma abubuwa biyu suna iya lalacewa. Na farko shi ne zagaye. A ɗauki sarƙa mai hali biyu wadda kullum take tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗayan, wato layukan tsayenta (0, 1) da (1, 0). Warware P q = q yana ba da (0.5, 0.5) ba tare da wata matsala ba, amma wanda ya fara daga (1, 0) zai yi ta kai da kawowa tsakanin (0, 1) da (1, 0) har abada. Dalili shi ne ƙimar aigen ta biyu −1 ce, girmanta 1, don haka gidanta ba ya raguwa, alamarsa kawai yake sauyawa. A irin wannan sarƙa q tana nan a matsayin matsakaicin kason lokaci, amma x(n) ba ta dosarta.

Na biyu shi ne rabewar sarƙa. Idan akwai rukuni biyu na halaye waɗanda wanda ya shiga ɗaya ba ya fita, kamar wasan da yake ƙarewa da nasara ko faɗuwa, to λ = 1 tana zuwa da aigenbekta fiye da ɗaya masu zaman kansu. Ana gane wannan a wajen warwarewa: maimakon layi ɗaya ya koma sifili, sai biyu su koma, a rage da lambobi biyu da ba a ƙayyade ba. A nan makomar sarƙar ta dogara da inda aka fara. Idan kuma rukunin da ba a fita ɗaya ne tak, kamar a ce na'urarmu ba a gyara ta idan ta tsaya, amsar ɗaya ce amma ita ce (0, 0, 1), wadda ba ta gaya mana komai sai cewa ƙarshenta tsayawa.

Sharaɗin da yake kawar da duka matsalolin biyu shi ne a sami wani adadin matakai k da dukkan lambobin P^k, wato P da aka ninka da kansa sau k, suka fi sifili. Idan haka ta samu, ƙa'idar da Oskar Perron ya kafa a 1907, Georg Frobenius kuma ya faɗaɗa ta a 1912, ta tabbatar da cewa q ɗaya ce tak, dukkan lambobinta sun fi sifili, sauran ƙimomin aigen girmansu bai kai 1 ba, kuma kowace bektar farko tana dosar q. Matiriks ɗinmu ya cika sharaɗin tun a k = 1, saboda babu sifili a cikinsa. Ga matiriks mai sifili da yawa akwai gwaji mai sauƙi: idan daga kowane hali ana iya isa kowane hali ko da ta hanya mai nisa ce, sannan aƙalla hali ɗaya yana da yiwuwar zama a inda yake, to sharaɗin ya cika.

Idan halayen sun yi yawa

Da hannu ana iya ɗaukar hali uku ko huɗu. Bayan nan sai kwamfuta. Ga yadda ake yi da NumPy, wato kayan aikin lissafi na yaren kwamfuta Python:

```python
import numpy as np
P = np.array([[0.7, 0.1, 0.5],
              [0.2, 0.7, 0.2],
              [0.1, 0.2, 0.3]])
w, v = np.linalg.eig(P)
i = np.argmin(abs(w - 1))
q = v[:, i].real
q = q / q.sum()
```

Layuka biyu a nan suna buƙatar bayani. Ana neman ƙimar da ta fi kusa da 1 ne maimakon wadda take 1 cif, saboda lissafin ɗigo na kwamfuta yana iya sa ta kauce da ɗan ƙanƙanin abu, kuma `eig` ba ta yi alkawarin jera ƙimomin bisa girma ba. Sannan aigenbektar da take bayarwa tsawonta aka daidaita zuwa 1, ba jimillarta ba, don haka a misalinmu za ta fito kusan (0.698, 0.656, 0.287), wani lokaci ma duka da alamar ragi. Raba ta da `q.sum()` yana gyara girman da alamar a lokaci guda, ya dawo da (0.425, 0.4, 0.175). Idan matiriks ɗin da ke hannu layukansa na kwance ne suke ba da 1, sai a ba `eig` juyayyensa, wato `P.T`. Kuma yana da kyau a leƙa `abs(w)` gaba ɗaya kafin a amince da amsar: idan lamba fiye da ɗaya ta kai 1, ɗaya daga cikin matsalolin zagaye ko rabewa tana nan, idan kuma ta biyu a girma ta matso kusa da 1, to sai a lissafa adadin matakan da ake buƙata a gwada shi da tsawon lokacin da ake nazari a kai.